Jawabin Tunawa da Malaminmu, da Wurin Tsayawa Idan Murya Ta Sarƙe

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma Dagaci, Malam Liman, mahaifiyarmu Hajiya da iyalan marigayi, 'yan uwana tsofaffin ɗalibai, Allah ya ba mu ladan wannan zama.

Malam ya fara riƙe alli a wannan makaranta a 1976, shekarar da aka buɗe shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a Najeriya, lokacin da yara suka fi kujeru yawa har wasu azuzuwan suka koma gindin bishiya, kuma bai ajiye shi ba sai 2011, bayan ya cika shekara 35 yana aiki. Duk wanda ya zauna a ajinsa yana tuna safiyar Litinin, inda muke jeruwa mu miƙa hannuwa ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana duba farce.

A 1984, da fari ya cinye amfanin gona, mahaifina ya yanke shawarar cire ni daga aji shida domin in bi yayyena cirani. Malam ya hau kekensa bayan la'asar ya zo har ƙofar gidanmu, ya zauna a kan tabarma, bai tashi ba sai da aka kira magariba, kuma daga aljihunsa kuɗin jarrabawata ta shiga sakandare suka fito. Ban san haka ba sai bayan na fara koyarwa, kuma ba daga bakinsa na ji ba.

(Daga nan zan rage sauri, in ɗora yatsa a kan layin da nake karantawa, kuma ba zan dubi ɓangaren da Hajiya take zaune ba.)

Kwana huɗu kafin rasuwarsa na je duba shi a asibiti, na tarar magana tana yi masa wuya. Ya kama hannuna ya juya shi kamar yadda yake yi ranar Litinin, ya daɗe yana kallo, da ya ga farin alli a gefen yatsana sai ya yi murmushi ya ce, "Har yanzu kana aji? Madalla."

(A nan nake tsammanin murya za ta sarƙe. Idan hakan ta faru, ba zan yi ƙoƙarin tura maganar da ƙarfi ba, domin turawar ce take mayar da rawar murya kuka. Zan yi shiru, in sauke takardar a kan tebur ba tare da ɗage yatsana daga layin ba, in janye baki daga makirfo, in ja numfashi sau uku a hankali ina maimaita "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un" a zuci. Jama'a za su cike shirun da "Allah ya jiƙansa", saboda haka zan bar su su gama, in kurɓi ruwa sau ɗaya, sannan in ɗago kai in dubi bangon baya. Jimlar farko gajera ce da gangan, kuma zan faɗe ta da murya ƙasa ƙasa.)

Na gode, ku yi mini haƙuri.

Ba na jin kunyar wannan hawaye a gabanku, domin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye a ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya kuma sanar da mu cewa ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Abin da zan faɗa shi ne, Malam ya juya hannuna ya ga abin da ya shuka, kuma ya bar duniya yana sane da cewa tafiyar da ya yi a keke ba ta faɗi ƙasa banza ba.

(Idan muryar ta ƙi dawowa bayan "ku yi mini haƙuri", zan miƙa takardar ga monitan ajinmu, wanda zai zauna a damana kuma ya riga ya karanta ta, ya ci gaba daga inda yatsana yake, ni kuwa in tsaya a gefensa har ya kammala.)

Hajiya, mun san rashin naku ne kafin ya zama namu, Allah ya ba ku haƙurin jurewa. Allah ya gafarta wa Malam, ya haskaka kabarinsa, ya sa kowane harafi da ya koyar ya zama sadaka mai gudana a gare shi, ya sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Malam Liman, bismillah, a ja mana addu'a.