Zuwa ga ƴan gidanmu, kan batun firigo

Yamai, Lahadi 6 ga Afrilu

Assalamu alaikum Yaya Hadiza, Ramatu, Zuwera da Nana Mariama.

Na rubuta wannan takarda na manna ta a ƙofar firigo ne saboda tun da aka koma karatu bayan salla ba mu taɓa haɗuwa mu biyar a lokaci guda ba. Yaya Hadiza tana kwana asibiti wajen koyon aiki, Ramatu da Zuwera ba sa dawowa daga jami'a sai bayan magariba, ni kuma ina fita tun da sassafe. Ina roƙon kowa ta karanta ta har ƙarshe kafin ta yanke hukunci, kuma ina neman afuwar Yaya idan ta ga ƙanwa ta yi gaba da maganar da ita ya kamata ta fara.

Jiya da safe na buɗe firigo don in ajiye nonon da na sayo, sai na tarar babu inda zan sa ko da kofi ɗaya. Da na fara fitar da kaya don in sami wuri, na ƙidaya kwanoni da robobi 14 da ledoji 9, kuma a cikinsu duka guda uku kaɗai na san masu su. A can ƙuryar bene na ƙasa akwai wata ƙaramar samira mai shuɗin murfi, wadda da na ɗaga murfinta na ga miyar kuɓewa ce da ta yi farin gashi a sama, ruwanta kuma ya rabu da ita ya kwanta gefe. A bayanta akwai ledar kifi da ta tsiyaye, ruwan ya bi ta ƙarƙashin gilashi ya sauka a kan tumatir da salatin da ke cikin aljihun kayan miya. Warin da muka yi kwanaki muna ɗora wa magudanar wanke-wanke, daga nan yake fitowa. Ba na tambayar ko ta wace ce samirar, domin a cikin abin da na fitar har da rabin kankana tawa da na manta da ita tun kafin salla, saboda haka ni ma ina cikin masu laifi.

Abin da na lura da shi shi ne, ba ƙazanta ce ke damunmu ba, kunya ce. Kowacce a cikinmu ta ga samirar nan, kowacce ta yi zaton ta wata ce, kuma babu wadda take so a ce ta zubar da abincin ƴar'uwarta ba da izini ba. Haka kwano yake zama mako biyu yana cin wuri, mai shi ta manta da shi, sauran kuma suna kewaye shi. Ta ɗaya gefen ma hakan take: sau biyu Zuwera ta dawo da yunwa ta tarar an shanye furarta, ba da mugun nufi ba, sai don robobinmu duk iri ɗaya ne, daga wuri ɗaya muka saye su a kasuwar Katako. Ba ta yi magana ba, amma na ga fuskarta.

Shawarata ta farko ita ce, duk abin da zai shiga firigo a rubuta masa suna da kwanan wata. Na sayo sikoci na takarda da alƙalamin maka baƙi, na ɗaure su da zare a jikin ƙusar da ke kusa da firigo, don kada wata ta ce ta nema ba ta gani ba. A yanki sikoci, a manna a jikin kwanon, a rubuta misali "Ramatu, 6/4". Ina roƙon a manna a jikin kwano, kada a manna a murfi, saboda murafanmu suna yawo daga wannan kwano zuwa wancan. Ranar da za a rubuta ita ce ranar da aka dafa abincin ko aka sayo shi, ba ranar da aka mayar da shi bayan an ɗiba ba. Abin da muka saya da kuɗin taro, kamar tumatir, tattasai, man shanu da ƙwai, a rubuta masa "na kowa". Haka nan idan mutum ya dafa da yawa, ko an aiko masa daga gida kuma yana so a ci, ya rubuta "na kowa" a kai. Cukun da inna ta aiko mini daga Tawa, ga shi nan na riga na rubuta masa haka, kowa ta ɗiba.

Kwanan watan ya fi sunan muhimmanci a wurina, kuma zan ɗan tsaya a kansa. Firigo ba ya kashe ƙwayoyin cuta, rage musu saurin yaɗuwa kawai yake yi, shi ma sai idan sanyinsa ya tsaya a digiri 4 ko 5. Tsakanin digiri 5 da 60 ne ƙwayoyin suke hayayyafa da sauri, kuma mu yanzu muna cikin Afrilu, inda zafin rana a Yamai yake wuce digiri 40 kusan kullum. A ƙa'idar masana kiwon lafiya, dafaffen abinci ba ya wuce kwana 3 zuwa 4 a firigo, ɗanyen kifi da kaza da niƙaƙƙen nama kuma kwana 1 zuwa 2, sai dai idan an sa su a ɗakin ƙanƙara na sama. Wannan lissafi kuwa na firigon da wuta ba ta yanke masa ba ne. Namu, kamar yadda muka sani, yakan yi awoyi a kashe a irin wannan lokaci. Firigon da aka bari a rufe yana riƙe sanyinsa kamar awa 4 bayan ɗaukewar wuta, kuma duk buɗewar da aka yi tana rage wannan lokaci. Don haka idan wuta ta tafi, mu yi haƙuri mu sha ruwan randa, mu bar ƙofar a rufe. Idan ta wuce awa 4 ba ta dawo ba, wadda take gida ta rubuta a ƙasan wannan takarda, domin masu nono, fura, kifi da miyar nama su san halin da kayansu suke ciki.

Na san za a ce hanci yana gaya wa mutum idan abinci ya lalace. Wani lokaci yana gaya masa, wani lokaci kuma ba ya yi. Shinkafa ce babbar shaida: tana iya kwana a tukunya, a ɗumama ta da safe, babu wari babu yauƙi, amma ta sa mutum amai, saboda akwai ƙwayar cutar da ke barin dafi a cikinta, kuma ɗumamawa ba ya kashe dafin. A zafi irin namu bai kamata dafaffen abinci ya wuce awa ɗaya a waje ba. Idan tukunyar babba ce, a raba abincin a ƙananan robobi don ya huce da wuri, sannan a rufe a sa. Yaya Hadiza ta fi ni sanin wannan fanni, idan na yi kuskure ta gyara mini da biro a gefe.

Game da wuri, firigon yana da bene huɗu, mu kuma mu biyar ne, saboda haka ba zai yiwu kowa ta sami nata ba. Ina ganin bene na sama ya zama na Yaya Hadiza da Nana Mariama, na biyu na Ramatu da Zuwera, na uku nawa tare da kayan taro. Na ƙasa a bar shi don ɗanyen nama da kifi kaɗai, kuma a cikin roba mai murfi, ba a leda ba, domin kada abin da ya faru da salatin jiya ya sake faruwa. Goruna na ruwa da na zoɓo su tsaya a jikin ƙofa, kowa biyu, domin idan aka cushe firigo iska mai sanyi ba ta zagayawa, kuma abin da ke tsakiya ba ya yin sanyi. Albasa da dankali ba su da abin yi a ciki, kwandon da ke ƙarƙashin tebur ya ishe su.

Shawarata ta biyu ita ce kwashe firigo sau ɗaya a mako, ranar Lahadi bayan la'asar, lokacin da yawancinmu muke gida. Mai aikin makon za ta fitar da komai, ta duba kwanan wata. Dafaffen abincin da ya wuce kwana 4 za a zubar, abin da ba shi da suna kuma za a ɗora shi a kan tebur har zuwa sallar isha'i, idan babu wadda ta ce nata ne, shi ma a zubar. Kwano ba a zubar da shi, za a juye abin da ke ciki a ajiye wa mai shi ta wanke abinta, domin bai dace a ɗora wa mai aikin mako wankin kwanon wata ba. Bayan haka a goge benaye da ruwan ɗumi da sabulu, a bi da tsumma mai tsabta, a duba robar bakin ƙofa inda datti yake maƙalewa. Wadda za ta yi amfani da ruwan jabel ta tsarma shi sosai, kuma kada ta haɗa shi da binegar ko ruwan lemun tsami, saboda haɗin yana fitar da iska mai guba. Na sa ɗan gawayi a kofi a bene na uku don ya tsotse wari, a riƙa canja shi. Duka aikin bai kai rabin awa ba idan ana yinsa kowane mako. Jiya ya ɗauke ni kusan awa biyu, saboda an daɗe ba a yi ba.

Abin da nake so mu amince da shi tun yanzu, da baki ɗaya, shi ne wadda ta zubar da abu bisa wannan ƙa'ida ba ta yi wa kowa laifi ba, ko da abin na Yaya ne, ko nawa. Idan ba mu yarda da wannan ba, rubuta suna ba zai amfane mu da komai ba, za mu koma kewaye kwanoni, sai dai yanzu mun san masu su.

Zubar da abinci ba ya yi wa ɗayanmu daɗi, ba haka aka rene mu ba, ga kuma tsadar kaya. Saboda haka ina roƙon kowa ta leƙa benenta ranar Juma'a da dare. Abin da ta ga ba za ta ci ba kuma yana da kyau, ta mayar da shi "na kowa", ko ta ba mai gadi, ko almajiran da ke zuwa ƙofa da safe. Amma abin da mu ba za mu iya ci ba saboda ya juya, kada a ba su. Wadda za ta yi tafiya zuwa gida, ko Maraɗi ko Dogon Dutsi, ta kwashe nata kafin ta tafi, ko ta sa a ɗakin ƙanƙara da sunanta.

Tun da na yi na wannan mako, ina ba da shawarar Ramatu ta karɓi Lahadi 13, Zuwera 20, Nana Mariama 27, Yaya Hadiza kuma 4 ga Mayu, daga nan a sake zagayowa kaina. Wadda jarrabawa ko gadin asibiti ya faɗo a ranarta ta yi musanya da wata tun ranar Alhamis, ta rubuta a nan ƙasa. Sikoci da alƙalami sun tashi sefa 750, na biya wannan karon, na gaba sai a cire a kuɗin taro tare da na gas.

Idan kun amince, kowa ta sa hannu a ƙasa. Idan akwai abin da wata take ganin a canja, musamman rabon benaye ko ranar, mu zauna minti goma daren Talata bayan isha'i, domin Yaya ta ce ranar tana gida. Samira mai shuɗin murfi na wanke ta, tana kife a kan kwandon wanke-wanke.

Taku,
Balkisa