Takardar Neman Tabbatarwa a Aiki Bayan Kammala Wa'adin Gwaji

Ofishin Malaman Gona,
Wurno, Jihar Sakkwato.
17 ga Maris, 2025 (17 ga Ramadan, 1446).

Zuwa ga
Mai Girma Shugaba,
Hukumar Kula da Ma'aikata ta Jihar Sakkwato.

Ta hannun
Babban Sakatare,
Ma'aikatar Aikin Gona, Sakkwato.

Ta hannun
Daraktan Ayyukan Gona.

Ranka ya daɗe,

NEMAN A TABBATAR DA NI A MUƘAMIN JAMI'IN AIKIN GONA MAI DARAJA TA BIYU, MATAKIN ALBASHI NA 08

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan ana shan ruwa lafiya, na rubuto ne in roƙi Hukuma ta tabbatar da ni a aikin da ta ɗauke ni, ganin cewa shekara biyun gwaji da aka gindaya mini ta cika ranar 28 ga Fabrairu, 2025.

Hukuma ta ɗauke ni aiki da takarda mai kwanan wata 13 ga Fabrairu, 2023. Na amsa da rubutu cewa na yarda da sharuɗɗan da ke ciki, na kai takardar likita mai shaida lafiyata, sannan na kama aiki ranar 1 ga Maris, 2023. Ina da digirin farko a fannin aikin gona daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kuma na yi hidimar ƙasa kafin a ɗauke ni. Wata uku na yi a hedikwata ina koyon yadda ake riƙe fayil da rubuta rahoto, daga nan aka turo ni Wurno a watan Yuni, 2023, ana shirin shukar damina. A nan nake har yau.

Takardar ɗaukata ta faɗa a fili cewa bayan shekara biyu Hukuma za ta duba ɗaya daga cikin uku: ta tabbatar da ni, ko ta ƙara mini wa'adin gwaji, ko ta sallame ni. Na san tabbatarwa ba ta zuwa don kawai kwanaki sun cika, sai an ga aikin mutum da halinsa. Shi ya sa nake neman izini in ɗan bayyana abin da na yi da wannan lokaci, ko da yake shugabannina sun riga sun rubuta nasu ra'ayin a fom ɗin kimanta aikin shekara, wato APER, na 2023 da na 2024.

Ranka ya daɗe, ƙasar Wurno ƙasar fadama ce, rabin arzikinta a noman rani yake: albasa, tafarnuwa, shinkafa da alkama. Manoman nan sun gaji sana'ar iyaye da kakanni, ba su jiran yaro ɗan boko ya koya musu riƙon fartanya. Abin da na tarar yana cinye musu riba shi ne iri da ajiya, don haka a nan na fi sa ƙarfina.

Kan iri, mutum zai sayi irin albasa a kasuwa da tsada, ya zuba a bedi, sai bayan kwana goma ya gane rabinsa matacce ne, lokacin kuwa kuɗi sun tafi, kwanakin sanyi ma sun ragu. Na riƙa zama da su a gindin bishiya bayan la'asar ina nuna musu gwajin da ba ya cin ko kwabo. A ƙirga ƙwaya 100, a jera a kan tsumman buhu mai laima, a naɗe, a ajiye a inuwa ana yayyafa ruwa, bayan mako guda ko ɗan fiye a buɗe a ƙirga waɗanda suka tsiro. Wani dattijo da ya fi kowa gardama a ranar farko, shi ne ya dawo mini da tsummansa a aljihun riga, ya shimfiɗa a kan teburina, muka ƙirga tare. Abin da ya tsiro bai kai rabi ba. Ya mayar wa mai irin da kayansa tun bai zuba ba, kuma tun daga ranar shi ke kira mini taro a ƙauyensu.

Kan ajiya kuwa, kowa ya san albasa tana faɗuwa warwas a kasuwa lokacin cira, wajen Fabrairu zuwa Afrilu, sai damina ta yi nisa take tashi. Wanda ya iya riƙe ta a rudu shi ke cin riba, amma da yawa suna buɗe rudun su tarar ta ruɓe. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Ana zuba takin yuriya a makare don kai ya yi girma, sai wuyan ya yi kauri ya ƙi bushewa. Ana ban ruwa har gab da cira. Ana kuma tara ta da ɗanyen wuya ba a bari ta sha iska ba. Na dage a kan a tsayar da ruwa kamar mako biyu kafin cira, a jira ganye ya kwanta da kansa, a shanya ta a inuwa har wuya ya ƙanƙance, a tsince masu rauni, a kuma ɗaga gindin rudu daga ƙasa don iska ta ratsa. Ba kowa ya bi ba, domin mai bashin taki a wuya ba ya iya jira, dole ya sayar a gona. Wannan na rubuta shi a rahotona na ƙarshen rani, kuma har yanzu ina ganin maganar bashi ce tushen matsalar fiye da rashin sani.

A ɓangaren shinkafa na kafa gonar gwaji da irin FARO 44, inda muka dasa a layi da tazarar santimita 20, da dashe mai kimanin mako uku, kusa da wata gonar da aka yafa irin kamar yadda aka saba, don manoma su kwatanta da idonsu. Na shiga aikin rajistar manoma da rabon taki duk lokacin da aka umarce ni, kuma takardun rabon suna ofis da sa hannun waɗanda suka karɓa ko dangwalen yatsansu. Na kai rahoton tsuntsayen jan-baki da na tsutsar masara ga hedikwata a kan lokaci. Maganar feshi ma ban bar ta ba, domin har yanzu ana ganin yara suna goya famfo da rana tsaka ba takunkumi ba takalmi, abin da ke tayar mini da hankali ƙwarai.

Akwai abu guda da nake so Hukuma ta ji daga bakina. Halin tsaro a gabashin jiharmu sananne ne. An yi watanni da shugabana ya hana mu shiga wasu ƙauyuka, shi ya sa za a ga giɓi a jadawalin ziyarata na wancan lokaci. Ban zauna ba. Na koma haɗuwa da manoman waɗannan ƙauyuka a ranakun kasuwa a Wurno da Achida, wasu kuma ta waya, kuma na rubuta sunayensu da abin da muka tattauna a littafin aiki. Umarnin hanin yana cikin fayil ɗin ofishinmu ga duk mai son dubawa.

Game da hali, ba a taɓa ba ni takardar tuhuma ko ta gargaɗi ba, ban kuma taɓa barin wurin aiki ba tare da izini ba. Hutun shekara kawai na ɗauka, shi ma na daidaita shi da tsakanin girbin damina da dashen rani don kada aiki ya tsaya. Na zauna jarrabawar da ake yi wa sababbin ma'aikata kan dokokin aikin gwamnati da ƙa'idojin kuɗi, na kuma ci. Ba ni da shari'a a kowace kotu, ba na kuma karɓar albashi a wani wuri.

Dalilin da ya sa ban jinkirta wannan roƙo ba shi ne abubuwa da yawa sun rataya a kansa. Ma'aikacin da ba a tabbatar da shi ba ba ya shiga sahun ƙarin girma. A matakina shekara uku ake yi kafin a cancanci hawa na gaba, wato nawa lokacin zai zo a 2026, kuma ba na so sunana ya faɗi daga jerin don rashin takarda ɗaya. Haka nan wanda ba a tabbatar da shi ba, ba a ba shi hutun ƙaro ilimi. Ina da niyyar, in Allah ya yarda kuma Ma'aikata ta amince, in koma jami'a in yi digiri na biyu kan adana amfanin gona bayan girbi, saboda abin da na gani a rudunan Wurno ya fi ƙarfin abin da na karanta a aji. Sannan ni magidanci ne, da mata da 'ya'ya biyu da mahaifiya a hannuna. Mai iyali yana son ya san ƙafarsa ta tsaya a aikin da yake ci da su.

Ba na ɓoye cewa ina son wannan aiki. Ɗan manomi ne ni, da kuɗin albasa da gero aka biya mini makaranta, kuma ba ni da burin da ya wuce in yi shekarun aikina a cikin manoman jihar nan. Duk inda Hukuma ko Ma'aikata ta ga ya dace ta tura ni bayan wannan, a shirye nake.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma Shugaba da Kwamishinonin Hukuma su tabbatar da ni a muƙamin Jami'in Aikin Gona Mai Daraja ta Biyu, matakin albashi na 08, kuma tabbatarwar ta fara aiki daga 1 ga Maris, 2025. Ina kuma roƙon Babban Sakatare da Darakta su sa albarka a kan wannan takarda, su miƙa ta ga kwamitin manyan ma'aikata a zamansa na gaba.

Na haɗo da kwafin takardar ɗaukata aiki da amsar da na bayar, da takardar shaidar kama aiki, da ta turo ni Wurno, da shaidar digiri da ta hidimar ƙasa, da takardar haihuwa da ta asalin ƙaramar hukuma, da takardar likita, da sakamakon jarrabawa, da fom ɗin APER na shekara biyun, da takardar albashin watan Fabrairu, 2025. Na asali suna hannuna, zan kawo su Sakkwato duk ranar da aka neme ni, ko don tantancewa ko don ganawa da kwamiti.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya, ya karɓi ibadunmu na wannan wata. Na gode.

Naka mai biyayya,

Bashiru Umar
Jami'in Aikin Gona Mai Daraja ta Biyu
Ofishin Malaman Gona, Wurno