Takardar Shawara Kan Sayen Sabon Injin Matsar Gyaɗa

Zuwa ga Shugaba da Mambobin Hukumar Daraktoci
Daga Shugaban Sashen Kuɗi, masana'antarmu ta Sharaɗa, Kano

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa, ga sakamakon lissafin da aka umarce ni in yi. Ma'aunin da na bi shi ne a mayar da duk kuɗin da injin zai kawo nan gaba zuwa darajarsu ta yau, sannan a cire abin da za mu kashe yanzu.

Injin naira miliyan 180 ne, ɗaukowa daga tashar jirgin ruwa ta Legas da girkawa miliyan 20, jimla miliyan 200. Akwai kuma jarin juyawa na miliyan 40, wato gyaɗar da za mu riƙa jibgewa daga kasuwar Dawanau, da jarkoki, da bashin da dillalai ke riƙewa kafin su biya. Ke nan miliyan 240 za su fita tun kafin a matse buhun farko. Injiniyoyinmu sun ba injin shekara 5, kuma sashen ciniki ya ƙiyasta ƙarin miliyan 90 duk shekara daga mai da tunkuza bayan an biya wuta, gas da albashi. Idan aka cire haraji na kashi 30 cikin ɗari, saura miliyan 63. Na ɗauki kashi 20 cikin ɗari a matsayin tsadar jarinmu, wato mafi ƙarancin ribar da ya kamata jarin ya samar duk shekara, kuma da wannan ma'auni miliyan 63 na tsawon shekara 5 daidai suke da miliyan 188.4 a yau.

Tsufan inji ba kuɗi ba ne da ke fita daga asusu, amma yana rage ribar da ake ɗora wa haraji, kuma a nan amfaninsa yake. Hukumar haraji ba ta aiki da raguwar darajar da muke rubutawa a littattafanmu, tana da nata rangwamen jari, saboda haka na gina lissafin a kan rangwamen kashi 20 cikin ɗari duk shekara, wato miliyan 40, kuma ina roƙon mai ba mu shawara kan haraji ya tabbatar da wannan a rubuce. Kashi 30 na miliyan 40 shi ne miliyan 12 da ba za mu biya ba kowace shekara, darajarsu a yau miliyan 35.9. Sai dai wannan sauƙi yana samuwa ne a kan lokaci idan kamfani na da ribar da za a cire shi daga ciki. Shekarar da muka faɗi, sauƙin zai jinkirta, darajarsa kuma ta ragu.

A ƙarshen shekara ta 5 muna sa ran sayar da injin miliyan 30, haraji ya ɗauki 9, saura 21, wanda a kuɗin yau miliyan 8.4 ne. Jarin juyawa kuwa zai dawo ba tare da haraji ba idan an sayar da hajar da ke sito an karɓo basuka, amma miliyan 40 ɗin da za su dawo darajarsu a yau miliyan 16.1 ce kawai. Mai son ya duba a Excel, ga shi, inda 75 ke nufin 63 da 12, 136 kuma 75 da 21 da 40:

```
=NPV(20%,75,75,75,75,136)-240
```

Jimlar abin da zai shigo miliyan 248.8, a cire 240, saura rarar miliyan 8.8.

Rarar tana nan, amma siririya ce, kuma wannan ne ya fi damuna. Ba don sauƙin haraji ba, da giɓin miliyan 27.1 za mu gani. Idan kuma jarin juyawa ya maƙale a hannun dillalai, ko gyaɗa ta yi hunhuna a sito, lissafin zai koma giɓin miliyan 7.3. Na ga littafin bashinmu na bara da idona, akwai dillalai uku da suka wuce wata shida ba su biya ba, kuma ba zan ɓoye wa hukuma cewa dawowar miliyan 40 cif tana bukatar tsanani fiye da wanda muka saba ba. Haka nan idan miliyan 90 ɗin ta sauko zuwa 85.8, rarar ta ƙare, kuma idan tsadar jari ta kai kashi 22 cikin ɗari, giɓin miliyan 2.7 ne.

Shawarata ita ce a sayi injin, bisa sharuɗɗa. A nemi ragin miliyan 10 daga mai sayarwa, wanda zai ɗaga rarar zuwa kimanin miliyan 17, ko da yake sauƙin harajin zai ɗan ragu saboda farashi ya sauka. A ƙayyade bashin dillalai kada ya wuce kwana 30. Kada kuma a sa hannu sai takardar mai ba da shawara kan haraji ta iso ofishina. Idan mai sayarwa ya ƙi ragin, ina neman izini in dawo wa hukuma da farashin wasu masu kawo injin guda biyu kafin zama na gaba.

Na gode. Allah ya ƙara girma.

Shugaban Sashen Kuɗi