Rahoton binciken XRD: samfurin gishirin beza daga kasuwar Yamai

Malam, ga sakamakon gwajin XRD, wato auna tsarin kiristal da hasken X-ray, na gishirin da ka aiko, wanda mai sayarwa ya ce daga Bilma ya fito. A taƙaice, gishirin NaCl ne da ɗan yashi a ciki, kuma tsawon gefen kub ɗin tsarin kiristal ɗinsa a = 5,640 Å. Amma alkaluman farko ba su ba da wannan adadi kai tsaye ba, shi ya sa muka rubuta yadda aka kai gare shi.

An busar da gram 2 a 105 °C tsawon awa biyu, aka niƙa a turmin agat har ya daina ƙaras-ƙaras tsakanin yatsu, aka zuba a faranti aka shafe saman da gilashi. Hasken da aka haska masa Cu Kα ne, λ na Kα1 = 1,5406 Å, daga 2θ = 10° zuwa 90°, taki 0,02°. An cire Kα2 kafin karanta wurin kololuwa, domin daga wajen 60° zuwa sama kowace kololuwa tana rabuwa biyu, kuma wanda ya ɗauki tsakiyarsu ya ɗauki kuskure.

Kololuwa goma suka fito. Biyu ƙanana, a 20,92° da 26,70°, muka ajiye su gefe tukuna. Ga sauran takwas:

```
2θ     sin²θ    N   hkl  a (Å)
27,43  0,05621   3  111  5,6273
31,76  0,07487   4  200  5,6304
45,50  0,14955   8  220  5,6340
53,92  0,20554  11  311  5,6352
56,53  0,22425  12  222  5,6349
66,28  0,29887  16  400  5,6361
75,34  0,37346  20  420  5,6371
84,04  0,44808  24  422  5,6375
```

Dokar Bragg ita ce λ = 2d sinθ, inda d ke nufin tazarar da ke tsakanin shimfiɗun atam, kuma a kiristal mai siffar kub d = a/√N, inda N = h² + k² + l². Ke nan sin²θ yana tafiya daidai da N. Da aka raba 0,05621 gida uku aka sami 0,01874, aka raba kowane sin²θ da shi, sai jerin ya fito 3, 4, 8, 11, 12, 16, 20, 24. A kowane layi h, k, l ko dai duka mara ne ko duka cika, babu gauraye irin 100 ko 110. Wannan alamar fcc ce, wato kub mai atam a kusurwoyi da kuma tsakiyar kowace fuska. Ta 331 (N = 19) tana nan wajen 73°, amma rauninta ya sa ta ɓace cikin hayaniyar ƙasa. Raunin 111 da 311 shi ma shaida ne: a layukan mara, abin da Na ya watso da abin da Cl ya watso suna rage juna, a layukan cika kuwa suna haɗuwa.

Yanzu a dubi shafin ƙarshe na jadawalin. Adadin a yana hawa sannu a hankali daga 5,627 zuwa 5,638, kuma kiristal ɗaya ba ya da a takwas. Laifin daga faranti ne: garin ya ɗan tasa sama da bakinsa, sai kololuwa duka suka matsa dama da kimanin 0,06° × cosθ. A na'urarmu mai radiyos R = 240 mm, wannan tudun bai wuce 0,13 mm ba, abin da ido ba ya gani. Kada a ɗauki matsakaicin takwas ɗin, zai ba da 5,634, wanda ya yi ƙasa. Abin da muka yi shi ne zana adadin a bisa cos²θ/sinθ. Ɗigon 111 yana a 3,98, na 422 a 0,82, ɗigogin suka hau layi ɗaya, layin ya yanke a 5,640 Å inda cos²θ/sinθ ya zama sifiri. Wannan ya yi daidai da adadin da aka sani na NaCl a zafin ɗaki.

Su kuma biyun da aka ajiye, ba su shiga jerin N ba ko ta yaya aka juya su. Idan aka cire matsawar 0,06° sun zama 20,86° da 26,64°, wato d = 4,26 Å da 3,34 Å, layukan 100 da 101 na kwartiz, SiO₂. Yashi ne, kuma ba abin mamaki ba ne ga gishirin da aka shanya a fili. A kula sosai a nan, domin 26,64° tana dab da 111 ta gishiri. Wanda ya ɗauke ta a matsayin layin farko, duk rabonsa zai karkace, ya yi ta neman tsarin da babu shi.

Mun nemi KCl a 28,35° da Na₂SO₄ a 19,0° da 33,8°, ba mu ga komai ba. Wannan gwajin ba ya kama abin da bai kai kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba, don haka sai gwajin sinadarai ne zai tabbatar da rashinsu. Haka kuma ba mu lissafa yawan yashin daga tsayin kololuwa ba: ƙwayoyin gishiri suna fashewa kub-kub su kwanta a kan fuskar 100, sai 200 da 400 su yi tsayin da ya wuce nasu.

Idan kana son adadin a da lamba huɗu bayan waƙafi, ka aiko da wani gram 2. Za mu gauraya shi da garin silikon, wanda 111 ɗinsa ke 28,44°, mu cika farantin ta baya, mu kai gwajin har 120°.