Tsarin Kacici-kacicin Karɓa-karɓa na Zaman Bitarmu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga tsarin da muka yi magana a kansa ranar Asabar, na rubuta shi dalla-dalla don kowa ya karanta kafin mu fara. Wanda ya ga abin gyara ya faɗa zuwa ranar Laraba.

Dalilin wasan guda ɗaya ne. Kowannenmu yana rubuta taƙaitaccen bayani a kan ɓangarensa, ya turo WhatsApp, a sa masa alamar yabo, shi ke nan. Mai rubutu ya san nasa kamar yunwar cikinsa, amma na sauran mutum biyar bai buɗe ba, ga shi kuwa jarrabawar tarihin Kano ba za ta tambaye ka ɓangarenka kaɗai ba. Saboda haka na tsara wasan ta yadda ba wanda zai ci maki da amsa tambaya daga takardarsa. Makinka yana cikin takardun 'yan uwanka.

Rabon ɓangarori da jerin suna

Jerin nan shi ne ƙashin bayan wasan, kada a sauya shi har mu kammala mako shida:

1. Hauwa: daga Bagauda zuwa Alwali, wato sarakunan Kano kafin Jihadi
2. Nura: Jihadin 1804 da kafuwar masarauta, Sulaimanu da Ibrahim Dabo
3. Sadiya: kasuwar Kurmi, rini, saƙa, jima, da fataucin goro zuwa Gwanja
4. Mubarak: Yaƙin Basasa da zuwan Turawa a 1903
5. Zainab (ni): haraji, jirgin ƙasa da cinikin gyaɗa a zamanin Turawa
6. Kabiru: siyasar NEPU da NPC har zuwa ƙirƙirar Jihar Kano a 1967

Kowa zai raba ɓangarensa gida biyar, kashi ɗaya kowane mako. Takardar kada ta wuce shafi ɗaya, kuma a ƙasanta a rubuta inda aka samo bayanin, ko littafi ne da shafinsa, ko laccar wace rana ce. A turo ta ranar Laraba bayan sallar isha'i. Da Turanci za a rubuta tunda da shi za mu amsa jarrabawa.

Yadda tambaya ke zagayawa

Ba ka fitar da tambaya daga takardarka. A makon farko kowa zai fitar daga takardar wanda ke bin sa a jeri: Hauwa ta ɗauki ta Nura, Nura ya ɗauki ta Sadiya, haka har Kabiru ya dawo kan ta Hauwa. A mako na biyu sai a tsallake mutum ɗaya, Hauwa ta ɗauki ta Sadiya, Nura ya ɗauki ta Mubarak. A na uku a tsallake biyu. Kamar dai adashi ne, kowa da ranar kwasarsa: idan mako na biyar ya cika, babu wanda bai tsefe takardar kowane ɗan uwansa sau ɗaya ba.

Tambaya biyar ake so daga kowace takarda, kowacce a katinta, tambaya a gaba, amsa a baya tare da layin da aka ciro ta. Uku gajeru, biyu na bayani. Kada mai takarda ya ga katunan kafin ranar zama.

A nan nake so mu tsaya mu natsu, domin ingancin wasan duka ya rataya ne a kan irin tambayar da muke yi. Gajeriyar tambaya ita ce mai amsa ɗaya tak, misali: "Wane sarki ne ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499?" Amsa, Muhammadu Rumfa. Ko: "A wace rana aka kafa NEPU a Kano?" Amsa, 8 ga Agusta, 1950. Waɗannan suna da amfani, amma ba su ne ke kayar da ɗalibi a jarrabawa ba. Wadda ke kayarwa ita ce mai neman dalili. Idan Sadiya ce ke fitar da tambaya daga takardar Mubarak, ban so ta tsaya a kan "yaushe aka fara Basasa?" Ta tambayi abin da ya jawo ta. Mai amsa ya kawo rasuwar Sarki Muhammadu Bello a 1893, da naɗin ɗansa Tukur da Sarkin Musulmi Abdurrahman ya yi, da ficewar Yusufu da magoya bayansa zuwa Takai, da yadda Alu ya karɓi jagoranci bayan rasuwar Yusufu har suka shiga birni a 1894. Wanda ya iya jera wannan da bakinsa cikin minti ɗaya da rabi, ya iya rubuta shi a takardar jarrabawa.

Tambayar tarko kuma ba ma so. A ce wai "mutum nawa aka ambata a sakin layi na biyu?" wannan ba tarihi ba ne, cin zali ne.

Ranar zama

Asabar, ƙarfe 10 na safe, a ajin da muka saba a Sabuwar Makaranta. Mu tashi ƙarfe 12, kowa ya samu ya yi shirin azahar, masu komawa cikin gari su kama hanya. Zagaye shida ne, kowane minti 12. Abin da ya rage na lokaci na tsofaffin katuna ne da kuma ƙorafi.

A kowane zagaye mai takarda shi ne alƙali, yana riƙe da agogon waya. Wanda ya fitar da tambayoyi shi ke karantawa, shi ke rubuta maki a allo. Sauran huɗun su ne masu amsa.

Gajerun tambayoyi a rubuce ake amsa su. A karanta, a ba da daƙiƙa 30, kowa ya rubuta a takardarsa, a ɗaga tare. Na zaɓi wannan ne da gangan. Idan aka ce mai saurin ɗaga hannu ya amsa, mun san Malam Kabiru da Nura za su kwashe komai, mai sanyin magana kuwa ko ta sani ba za ta samu shiga ba. Kowace amsa daidai maki 1.

Tambayoyin bayani guda biyu da baki ake amsawa, kuma na mutum biyun da ke bin alƙali a jeri ne, a tsallake mai tambaya idan ya faɗo a ciki. Da wannan lissafi kowa zai samu biyu daidai a kowane zama. Minti ɗaya da rabi, maki 3. An yarda a yi bayani da Hausa, don abin da ka kasa faɗa da harshenka ba ka gane shi ba tukuna, amma sunayen dokoki da muƙamai a faɗe su yadda za a rubuta su a jarrabawa. Alƙali yana iya ba da 1 ko 2 idan amsar ba ta cika ba, sai dai dole ya faɗi abin da aka bari. In mutum ya kasa gaba ɗaya, tambayar ta wuce ga na gaba a kan maki 2.

Rabon mai takarda

Alƙali ma yana da abin samu. Duk gajeriyar tambayar da mutum uku cikin huɗu suka ci, a ba shi maki 1, kuma duk tambayar bayani da aka ci cikakkiya a karon farko, a ƙara masa 1. Ina so mu fahimci hikimar wannan sosai. Idan takardarka ta fita tsaf har 'yan uwa suka gane, kai ma ka ci riba. Idan ka cusa manyan kalmomi ka kwafo shafin littafi ba tare da ka tace ba, za su faɗi, kai ma ka tashi hannu rabbana. Ta haka ba wanda zai ɓoye ilimi don ya fi wani.

Mai tambaya kuwa, idan aka duba aka ga amsarsa ba ta cikin takardar, za a cire masa 2, a jefar da katin.

Ja da takarda

Takarda tana iya zuwa da kuskure, kuma kuskuren da mutum shida suka haddace tare ya fi haɗari. Wanda ya ga abin da bai gamsu da shi ba ya ce "na ja". Ba za a tsaya musu a wurin ba. Alƙali ya sa alama a katin, wanda ya ja ya kawo hujja daga littafi a zama na gaba. In ya yi gaskiya maki 3 nasa ne, mai takarda ya gyara ya sake turowa. In bai yi ba, a cire masa 1, don kada ja ya zama wasa. Saƙon da aka turo wa mutum a waya ba hujja ba ne.

Akwai wuraren da ba kuskure ba ne, saɓanin lissafi ne, kuma masu takarda su fayyace su tun a rubutu. A ɓangarena, layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga zirga-zirga a 1912, don haka duk wanda zai tambaya ya bambance isowa da buɗewa. Yaya Hauwa, naki ya fi na kowa wannan matsalar. Shekarar 999 da ake ba Bagauda an same ta ne ta hanyar lissafa tsawon mulkin sarakuna a koma baya, daga kundin tarihin Kano da Palmer ya fassara. Ki rubuta haka a takardarki, kuma in an yi tambaya a kan sarakunan farko a nemi jerinsu da ayyukansu, a rage dogaro da shekara. Malam Mubarak, kai ma ka raba shigar Yusufawa birni a 1894 da kashe Tukur a 1895, domin mutum biyu za su iya ba da shekara daban a kan ƙarshen Basasa, kowa da gaskiyarsa.

Tsofaffin katuna da mako na shida

Duk katin da mutum biyu ko fiye suka faɗi a kansa za a jefa shi a ambulan na musamman, yana wurin Sadiya. Daga mako na biyu, da shi za a buɗe zama: a zaro biyar a makance, kowa ya amsa a rubuce har mai takardar, ba maki. Katin da kowa ya ci ya fita daga ambulan, wanda aka sake faɗuwa a kansa ya koma.

A mako na shida babu sabuwar takarda. Za a juye katunan mako biyar duka, 150 ke nan, a cakuɗa, mu rabu gida uku, mutum biyu-biyu. Mai maki mafi yawa ya haɗu da mai mafi ƙaranci, na biyu da na biyar, na uku da na huɗu.

Rashin zuwa da sauran ƙananan abubuwa

Mai uzuri ya turo takardarsa da hoton katunansa ga wanda ke gabansa a jeri, shi zai tsaya masa. In wakilin shi ne mai tambaya ko alƙali a wannan zagayen, sai na gaba da shi ya karɓa. Wanda bai turo takarda ba zuwa daren Alhamis, a cire masa 3, kuma zagayensa a cike shi da tsofaffin katuna. Idan ba mu kai huɗu ba, a ɗage zaman.

Babu sa kuɗi a kan maki ko kaɗan, kuma ba a fitar da makin kowa waje da mu shida. Wanda ya zo na ɗaya shi zai riƙe allon maki na zango mai zuwa. Wanda ya zo na ƙarshe shi zai fara zaɓen ɓangare idan za a sake rabo, ya ɗauki wanda ya fi ba shi wahala ko wanda ya fi so, ya rage nasa.

Na ranar Asabar ɗin nan: Nura zai yanko kwali ya kawo katuna 30 ranar Alhamis a raba a aji, Kabiru ya zo da alli da tsumman goge allo. Ni zan fitar da tambayoyi daga takardar Malam Kabiru, Mubarak kuma daga tawa, wadda ke kan harajin shekarun farko na mulkin Sarki Abbas. Takardun farko dai Laraba bayan isha'i, in sha Allahu.

Zainab