Ina giraf ɗin folinomiyal yake dosa in x ta yi nisa?

Ƙanwata, wannan abin da kika ce malamin lesin ɗinku na Agege ya ba ku ku haddace, kar ki tsaya a hadda, in kin gane dalilin ba za ki manta ba ko a zauren JAMB. Tambayar dai ita ce, in x ta yi ta girma ta dama ko ta yi ta nitsewa cikin negetif ta hagu, giraf sama zai yi ko ƙasa?

Digiri shi ne fawa mafi girma da ke kan x, lambar da ke manne a gaban wannan x ɗin kuma ita ce kowefishiyan ta jagora. Ɗauki f(x) = x³ − 100x². Da gani za ki ce ai 100 ɗin nan ita ke da ƙarfi, kuma da farko haka ne, sa x = 10 ki gani, 1,000 − 10,000 = −9,000. A x = 100 sun yi kunnen doki, amsa 0. To yanzu sa x = 1,000, x³ ta zama biliyan 1, ita kuwa 100x² miliyan 100 kacal, saura miliyan 900 kuma daga nan sai dai tazara ta yi ta ƙaruwa. Kamar tirelar tumatir ce ta shigo kasuwar Mile 12, wa zai tsaya lissafin mai kwando ɗaya.

Ga dalilin a rubuce: x³ − 100x² = x³(1 − 100/x). Duk sanda x ta ƙara girma 100/x ƙanƙancewa take yi tana kusantar sifili, abin cikin baka ya koma kusan 1, sai x³ kaɗai ke magana. Wannan layin ni shi na fi so ki riƙe.

Sai maganar alama. (−10)² = 100 amma (−10)³ = −1,000, saboda negetif biyu-biyu suke kashe juna, in fawa 2 ce ko 4 ko 6 duk sun samu abokai, in 3 ce ko 5 ɗaya zai yi saura. Shi ya sa x² hannuwanta biyu duk sama, x³ kuwa hagu ƙasa dama sama. In jagorar negetif ce sai komai ya kife, misali −2x⁴ + 7x + 1 hagu da dama duk ƙasa suka nufa. Girman lambar ba ya canza alkibla, ko 2 ce ko 0.5, saurin hawa kawai yake canzawa.

Ki kula da irin 5x − x³ + 2, nan yara da yawa ke faɗawa, su ga 5 a farko su ɗauka ita ce. A'a, fawa za ki nema ba wuri ba, digiri 3 ne, jagora kuma −1, kenan hagu sama dama ƙasa. Kuma duk wannan labarin ƙarshe-ƙarshen giraf ne fa, lanƙwashe-lanƙwashen tsakiya sauran lambobin ma suna da hannu a ciki.

Gwada 4 − 3x² + x⁵ yau da daddare ki turo min, da dalilinki.