Rahoto kan kuɗin kwalaye da aka biya sau biyu

Zuwa ga: Manajan Kuɗi
Daga: Akantan basussukan masu kawo kaya
Rana: Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Ranka ya daɗe, Alhaji,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Wajen rufe littafin basussuka na shekarar 2024 na gano mun biya mai kawo mana kwalayen zuba sabulu, wannan na Sharaɗa, kuɗin kaya ɗaya sau biyu. Abin da ya fita a banza ₦4,966,500 ne. Kuɗin ba su salwanta ba, suna wurinsa, kuma ya amsa. Ga yadda na bi sawunsu.

Ranar Talatar makon jiya ya aiko da lissafinsa na ƙarshen shekara. Littafinmu ya ce yana binmu ₦7,310,000 zuwa 31 ga Disamba, nasa kuwa ya ce ₦2,343,500. Abin da muka saba gani shi ne mai kaya ya faɗi abin da ya fi namu, saboda wani inbois da bai iso ba. Wanda ya ce yana binka ƙasa da abin da ka rubuta, to akwai magana. Na ɗauki bambancin na raba da 1.075 don in cire harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, sai ya ba ni ₦4,620,000 cif, ba kwabo a kai. Wannan ya sa na daina zargin tarin ƙananan kurakurai, na shiga neman inbois guda. Ban wahala ba: kwali 12,000 ne a kan ₦385, haraji ₦346,500.

Inbois ɗin yana cikin littafinmu sau biyu. Ranar 12 ga Agusta an shigar da shi da lamba `INV-847`, aka biya ranar 14 ga wata. Ranar 24 ga Satumba an sake shigar da shi da lamba `INV-0847`, aka biya ranar 3 ga Oktoba. Manhajarmu tana ƙin karɓar lamba ɗaya sau biyu daga mai kaya ɗaya, amma a wurinta sifilin nan na gaba ya mai da su takardu biyu daban. Takardar bayanin asusunmu na banki ta nuna kuɗin sun fita duka biyun, zuwa asusu ɗaya.

Na sauka ɗakin ajiyar fayil na ciro baucocin biyu na ajiye su gefe da gefe. A bayan ta Agusta hoto ne aka buga daga waya, har ana ganin babban yatsan wanda ya riƙe takardar, kuma yatsan ya rufe gefen lambar daidai inda sifilin yake. Babu takardar karɓar kaya ta sito a jikinta, sai rubutun biro ja a sama: "A biya da gaggawa, asali na tafe." A bayan ta Oktoba kuwa komai ya cika: inbois na asali mai hatimi, takardar direba, da takardar karɓar kaya mai lamba 1163 ta ranar 29 ga Yuli. Duk wanda aka miƙa wa wannan ta biyun zai sa hannu hankalinsa kwance. Ni ma na sa.

Malam Sabo na sito ya tuna abin sarai. Kayan sun sauka ranar Litinin, 29 ga Yuli, ranar Alhamis kuma aka fara zanga-zangar tsadar rayuwa, aka sa dokar hana fita a Kano. Ya kulle takardun a durowa, da aka dawo aiki kuma wasu suka hau kansu, bai kawo su ofis ba sai 23 ga Satumba. A tsakanin nan mai kayan ya matsa da waya yana cewa ba zai sake loda mana mota ba sai ya ga alat, kwali kuma ya kusa ƙarewa, shi ne aka nemi ya turo hoton inbois aka biya a kai. Littafin maigadi ya nuna motar mai kayan sau ɗaya ta shigo a makon, littafin sito ma kwali 12,000 ya karɓa, ba 24,000 ba.

Dalilin da ya sa abin ya kwana wata uku ba a gani ba shi ne littafinmu bai taɓa nuna alamar ciwo ba. An rubuta bashi sau biyu, an biya sau biyu, sai shafin ya daidaita. Lissafin banki ma ya yi daidai kowane wata, tunda kuɗin da muka rubuta sun fita, sun fita ɗin. Abin da kaɗai zai tona shi shi ne gwada littafinmu da na mai kaya, kuma wannan aikina ne. Na yi na watan Yuni, na Satumba na ɗage shi saboda aikin haraji, ban koma kai ba. Ba zan ɗora wa yarinyar da ta shigar da takardun ba: abin da ta gani a hoto shi ta rubuta.

Na yi magana da akantan kamfanin kwalayen ranar Alhamis. Ya ce kuɗin Oktoba sun shigo ba bayanin wane inbois ake nufi, sai ya ɗauka kafin alƙalami ne na kayan ƙarshen shekara, ya rage mana daga bashi. Na yarda da shi, domin da ɓoyewa yake so da bai aiko da lissafin da ya tona kansa ba. Duk da haka na nemi ya rubuto a takardar kamfaninsu, ya ce za ta iso cikin makon nan.

Ina neman amincewarka a yi wannan gyara da kwanan 31 ga Disamba, kafin masu odit su zo: debit a shafin mai kawo kwali ₦4,966,500, kiredit a sayen kayan ƙunshi ₦4,620,000, kiredit a harajin VAT na saye ₦346,500. Da yake mu da ƙirga muke tantance kayan sito a ƙarshen shekara, rarar ta shige cikin kuɗin sarrafa kaya, wato ribar 2024 za ta ƙaru da ₦4,620,000 bayan gyaran. Maganar haraji ce ta fi damuna. Mun cire ₦346,500 ɗin nan a lissafin Agusta, muka sake cirewa a na Satumba, saboda haka hukumar FIRS tana binmu su. Na Disamba zai shiga kafin 21 ga wannan wata, ina ganin gara mu zauna da mai ba mu shawara kan haraji kafin ranar, mu mayar da kanmu.

Game da karɓo kuɗin, ba na ganin amfanin cewa ya dawo da su alhali yana binmu. A biya shi ₦2,343,500 kawai, a rubuta masa lambobin inbois ɗin da kuɗin suka rufe. Na riga na tsayar da baucar ₦7,310,000 da ke cikin jerin biyan ranar Juma'a.

Don kada a ce ko akwai irinsa, na fitar da duk biyan shekarar zuwa Excel, na nemi inda mai kaya da adadin kuɗi suka maimaitu, ban kula da lambar inbois ba:

```
=COUNTIFS(B:B,B2,E:E,E2)>1
```

Layuka 41 suka fito. Yawancinsu hayar janareta ce da kuɗin masu gadi, waɗanda dama kowane wata adadi ɗaya ne. Sauran na bi su ɗaya bayan ɗaya, kowanne da takardar karɓar kayansa daban, sai wannan na kwali. Sai dai gwajin ba zai kama wanda aka biya rabi-rabi ba, don haka na aika wa manyan masu kawo mana kaya goma su turo lissafinsu. Shida sun turo kuma sun yi daidai.

Roƙona biyu ne nan gaba. Kada a sake biya a kan hoto sai da lambar takardar sito a jikin bauca, ko wa ya bugo waya. Idan gaggawa ta tilasta, a rubuta kuɗin a matsayin kafin alƙalami, ba inbois ba, yadda ranar da asali ya iso za a tarar da su a shafin suna jira.

Kwafin baucocin biyu da lissafin mai kayan suna haɗe da wannan takarda. Ina jiran sa hannunka kafin ranar Laraba.

Na gode, Allah ya ƙara girma.

Habibu
Sashen Lissafi